Yadda ake warware rikicin iyaka tsakanin maƙwabta da awon safiyo da bikon

Yawancin rikicin iyaka a garuruwanmu ba a kan fuloti guda ake yin sa ba. A kan taku biyu ne ko uku, inda katangar wani ta ɗan karkata, ko inda aka haƙa fandisho aka tumɓuke alamar da ke kusurwa. Kowa yana rantsuwa cewa nan aka nuna masa ranar da ya saya, kuma sau da yawa dukansu gaskiya suke faɗa, domin dillali da yatsa ya nuna musu. Aikin safiyo shi ne ya ɗauko layin da ke rubuce a takarda ya shimfiɗa shi a ƙasa, a gaban kowa, ta yadda wani safiyon ma idan ya zo gobe zai sauka a wuri ɗaya.

Abu guda ya kamata a gane tun kafin a kashe ko kwabo. Safiyo ba ya yanke hukuncin wane ne mai fili. Yana faɗin inda fili ya fara da inda ya ƙare bisa takardun da aka ba shi. Idan mutum biyu kowa na riƙe da takardar sayen fuloti ɗaya, wannan shari'ar mallaka ce, ta alƙali ce. Idan kuwa kowa ya yarda da filin ɗan'uwansa, gardamar kawai ita ce ina layin yake, to wannan ita ce matsalar da awo ke kashewa.

Mene ne bikon, kuma ina ainihin iyakar take

Bikon turke ne na kankare mai kusurwa huɗu, faɗinsa kimanin santimita 18 ta kowane gefe, tsawonsa kimanin santimita 75. Ana binne shi a tsaye, a bar ɗan kansa kamar yatsu huɗu a waje. A tsakiyar kan akwai ƙusa ko guntun rodi, a gefenta kuma an rubuta lamba tun siminti yana ɗanye. Wannan ƙusar ita ce kusurwar fili. Gefen turken ba iyaka ba ne, kuma rabin turken yana cikin filinka, rabi yana cikin na maƙwabcinka. Iyaka ita ce miƙaƙƙen layin da ya tashi daga wannan ƙusa zuwa ƙusar bikon na gaba.

Lambar da ke kansa tana da muhimmanci fiye da simintin. Ita ce ke haɗa turken da taswirar fili, kuma ita ce ke cikin kundin ofishin Babban Safiyo na jiha. Kowane magini zai iya zuba kankare a gwangwani ya binne a inda ya ga dama. Turken da ba shi da lamba, ko lambarsa ba ta cikin taswira, shaida ce kawai ta cewa wani ya taɓa zuba siminti a wurin.

Mataki na farko: a tsayar da gini, a tattaro takardu

Da zarar gardama ta tashi, a dakatar da aiki a gefen da ake jayayya. Kada kowa ya taɓa bikon, ko da ya tabbata an gusar da shi. Wanda ya tone turke don ya mayar da shi inda yake ganin daidai ne ya lalata hujjarsa da hannunsa, domin ramin da yanayin ƙasar da ke kewaye da turken su ne ke nuna ko an taɓa shi. Cire alamar iyaka ko gusar da ita laifi ne a doka. A addini ma abin ba ƙarami ba ne, don hadisi ya tabbata a Sahihu Muslim cewa Allah ya la'anci wanda ya canza alamomin ƙasa. A ɗauki hoton kowane bikon yadda yake, lambar ta fito sosai, a ɗauki katangar daga gaba da baya.

Daga nan kowa ya kawo abin da yake da shi: takardar mallaka ta gwamnati, takardar ba da fili, takardar ciniki, takardar rabon gado, da taswirar awo idan akwai. Taswirar ita ce uwa. Wadda za a iya aiki da ita tana ɗauke da lambar taswira da kwanan wata, sunan safiyo da hatiminsa, lambar kowane bikon, tsawon kowane gefe a mita, fuskar da kowane layi ya dosa a digiri, faɗin filin gaba ɗaya, da lambobin da ke nuna matsayin aƙalla kusurwa ɗaya a doron ƙasa. Zanen da aka yi da biro a bayan takardar ciniki, mai cewa gabas gidan wane, yamma hanya, yana taimakawa wajen sanin tarihi amma ba a iya dasa turke da shi.

Mataki na biyu: safiyo ɗaya, na kowa

Kuskuren da aka fi yi shi ne kowa ya ɗauko nasa safiyon a ɓoye, ya zo da sassafe ya auna, sannan ya tunkari maƙwabci da sakamako. Babu wanda zai karɓi awon da aka yi a bayan idonsa. Abin da ya fi shi ne a je gaban mai unguwa ko dagaci, a amince da safiyo guda, a raba kuɗin aikin biyu, a rubuta tun kafin a fara cewa kowa zai karɓi abin da awo ya nuna. Raba kuɗin yana da amfani ko da ɗayan ya fi ƙarfi, domin yana toshe maganar cewa wanda ya biya shi aka yi wa aiki.

A tabbatar safiyon mai rajista ne. Hukumar da ke yi wa masu awon ƙasa rajista a Najeriya ita ce SURCON, wadda aka kafa da doka a 1989, kuma mai rajista kaɗai ne ke da ikon sa hannu da hatimi a taswirar da ofishin gwamnati ko kotu za su karɓa. A nemi sunansa da lambar rajistarsa. Yaran da ke ɗaukar na'ura a fili suna iya zama ƙwararru a aikin hannu, amma wanda zai sa hannu shi ne zai tsaya a kotu idan ta kai ga haka.

Safiyo na gari ba ya fara da fili, da ofis yake farawa. Zai je ofishin Babban Safiyo ko hukumar bayanan filaye ta jiha, kamar KANGIS a Kano, KADGIS a Kaduna ko AGIS a Abuja, ya nemo taswirar shimfiɗar unguwar da bayanan bikon na fulotan biyu da na kewayensu. A nan ne ake gano taswirar da ba a taɓa shigar da ita kundi ba, ko wadda lambobinta suka hau kan titi ko kan filin wani.

Mataki na uku: ranar awo

A sa rana, a sanar da masu fulotan biyu, da maƙwabtan da ke jingine da su ta baya da ta gefe, da mai unguwa. Idan wanda ya sayar yana raye, a gayyato shi. Idan filin gado ne, magada su wakilta wanda suka yarda da shi a rubuce, don kada gobe wani ya fito ya ce ba da shi aka yi ba.

Safiyo ba zai fara daga bikon da ake gardama a kansa ba. Zai nemi turaku da ba a taɓa ba, aƙalla uku, ko a fulotan da ke kusa ko turakun gwamnati na yankin, ya auna tsakaninsu ya gwada da abin da ke rubuce. Biyu ba su isa ba, domin idan suka saɓa ba za a san wanne ya gusa ba. Na uku shi ne ke raba gardama. Idan ukun suka dace da juna da tazarar 'yan santimita, ya sami gindin tsayawa. Daga nan ne zai auna duk abin da ke ƙasa: kowane bikon, fuskar katanga ta waje a gaba da tsakiya da baya, kusurwar gini, masai, rijiya, kwata.

Na'urorin da ake wannan aiki da su iri biyu ne. Akwai mai ƙafa uku da ke auna kusurwa da nisa zuwa madubin da yaro ke riƙewa a kan sanda, akwai kuma GPS na masu awo mai kai biyu, ɗaya a kafe a kan sanannen turke ɗaya yana yawo. Dukansu suna kawo awo cikin santimita kaɗan. GPS na wayar hannu kuwa kuskurensa yana kai mita uku zuwa biyar, a cikin lungu mai dogayen gine-gine ma ya fi haka. Rikicin da ake yi a kan ƙasa da mita ɗaya ba a auna shi da abin da ke kuskuren mita biyar. Duk wanda ya zo da waya a hannu ya ce zai nuna iyaka, a ba shi haƙuri.

Misali da lissafinsa

A ɗauki fuloti biyu a jere, na 14 da na 15, kowanne ƙafa 50 a gaba da ƙafa 100 zuwa baya. Ƙafa ɗaya mita 0.3048 ce, saboda haka kowanne mita 15.24 ne a faɗi da 30.48 a tsawo, wato murabba'in mita 464.5. Mai na 15 ya riga ya ja katanga. Mai na 14 ya zo zai fitar da harsashin gini, magini ya ce ɗakunan baya ba za su shiga ba.

Safiyo ya sami duk turakun, har da na baya wanda fulotan biyu suka haɗa. Daga gaba komai daidai: 15.24 da 15.24. A baya kuwa faɗin na 14 ya ba da 14.34, na 15 ya ba da 16.14. Idan aka haɗa su, 30.48 ne, daidai da jimillar da ke taswira. Wannan shi ne abu na farko da ake dubawa. Santimita 90 da suka ɓace a nan sun bayyana a can, ke nan turakun waje suna wurinsu, na tsakiya ne ya matsa. Da jimillar ta gaza, a ce ta ba da 29.60, to ba lallai maƙwabcin nan ne ya ci ba. Mai yiwuwa na 13 ko na 16 ne ya turo, ko tun wurin yanka fulotan aka yi kuskure, kuma sai an faɗaɗa awon zuwa layin gaba ɗaya kafin a ɗora wa kowa laifi.

Sai gwaji na biyu, wato awon kusurwa zuwa kusurwa. A fili mai kusurwoyi daidai na 15.24 da 30.48, layin da ya ratsa daga kusurwar gaba zuwa kusurwar baya ta ɗaya gefen dole ya zama mita 34.08. A fuloti na 14, ɗaya ratsin ya ba da 34.08, wanda ya ƙare a kan turken da ake zargi kuma ya ba da 33.68. Wannan gwaji ko da tef mai kyau ana iya yin sa, kuma yana da kyau a yi shi a gaban jama'a, domin mutane sun fi yarda da tef da suka gani da idonsu a kan lambobin da ke cikin na'ura.

Da aka share ƙasar gindin turken sai aka ga ya ɗan kishingiɗa, ƙasar da ke kewaye da shi sako-sako ce gauraye da ɓaraguzan bulo, ba irin taurin da ke gindin sauran ba. Abin da ya faru a bayyane yake. Leburori sun cire shi lokacin haƙa fandisho, suka mayar da shi da ka, magini kuma ya ja igiyarsa daga gaba zuwa wannan sabon wuri. Karkatar ba ta kai digiri biyu ba, ido ba zai kama ta ba. A tsawon ƙafa 100, karkatar digiri ɗaya tak tana cin fiye da rabin mita.

Ƙasar da aka shiga siffar tsinin mashi gare ta, ba komai a gaba, santimita 90 a baya. Faɗinta rabin 30.48 sau 0.90, wato murabba'in mita 13.7. Safiyo zai kafa fegi a ainihin kusurwar, wadda a nan ta faɗa bayan katangar, ya ja igiya kowa ya gani, sannan ya zana taswira ɗaya mai nuna layin takarda da layin katanga da launi daban-daban.

Inda awo kansa ke ɓata

Ba kowane saɓani ne ke nufin an ci iyaka ba, kuma a nan ne ake gane safiyon da ya san aikinsa. Tsofaffin taswirorin Najeriya an yi su a kan ma'aunin Minna, na'urorin GPS kuwa da ma'aunin duniya na WGS84 suke tashi. Wuri ɗaya a ƙasa yana da lambobi daban a ma'aunan biyu, kuma bambancin yana kai gomomin mita. Idan aka zuba lambobin Minna a na'urar da ba a saita ba, fuloti zai tashi ya sauka a gidan mutum na uku ko na huɗu. Alamar wannan kuskure ita ce duk kusurwoyin sun gusa tare, fuska ɗaya, nisa ɗaya, siffar filin ba ta canza ba. Cin iyaka na gaske gefe ɗaya yake taɓawa. Haka nan a duba shiyyar da aka rubuta a taswira bisa tsarin UTM, wanda ya raba doron ƙasa shiyya-shiyya: Sakkwato tana ta 31, Kano da Kaduna suna ta 32, Maiduguri tana ta 33.

Akwai kuma rikicin ƙafa da mita. Dillalai sukan ce hamsin da ɗari, magini ya mayar da shi mita 15 da 30 don sauƙi. Santimita 24 ke nan suka zube a kowane fuloti, a layi mai fuloti goma sun haura mita biyu, kuma na ƙarshen layi ne ke kwasar ribar ko asarar.

Idan filin awon igiya ne ko gona

A unguwannin awon igiya da gonaki sau da yawa babu taswira ko ɗaya. A nan safiyo ba shi da layin da zai dawo da shi, sai dai ya rubuta wanda aka amince da shi. Hujjar ita ce abin da ke ƙasa da abin da ke bakin dattawa: layin gamba, shingen aguwa ko bini-da-zugu, tsohuwar kunya, kututturen bishiya, burtali, da shaidar waɗanda suka yi noma a gefen shekara da shekaru. Gamba tana da amfani domin saiwarta tana daɗewa, ko an ƙone ta tana tohowa a inda take, amma garma tana iya cin ta kaɗan-kaɗan kowace damina. Bishiya kuma a fayyace ko gindinta ne iyaka ko tana cikin gonar wani, don 'ya'yan ɗorawa kaɗai sun isa tayar da sabuwar husuma.

Dagaci da dattawa su taka iyakar da ƙafa tare da masu gonakin, a kafa fegi a duk inda layi ya karya. Sai bayan an yarda da fegin safiyo zai auna ya dasa bikon. A gona mai tsawo a sa turaku a tsakani yadda mai tsaye a kan ɗaya zai hango na gaba, domin layin da ba a hango ƙarshensa shi ne mai huɗa ke karkatarwa.

Mataki na huɗu: me za a yi da sakamakon

A misalinmu hanyoyi uku ne. Ko a rushe katangar a mayar da ita kan layi, ko mai na 15 ya sayi tsinin, ko a yi musaya idan akwai inda zai iya bayarwa. Idan katanga ce kawai, rushewa ta fi tsafta, don taswirorin biyu suna nan yadda suke. Idan ɗaki ne ya hau, sayen ya fi sauƙi. A ce kuɗin fuloti a wurin naira miliyan 10 ne, murabba'in mita ɗaya ya kama kusan naira 21,500, tsinin kuma kusan naira 295,000. Wannan mafarin ciniki ne kawai, domin mai na 14 ya yi asarar fiye da ƙasa idan tsarin gininsa ya lalace.

Wanda ya zaɓi saye kada ya tsaya a musafaha. Iyaka ta canza, saboda haka sai an yi sabuwar taswira ga fulotan biyu, an dasa sabon bikon, an kai ma'aikatar filaye. A ƙarƙashin Dokar Amfani da Filaye ta 1978, mai takardar mallaka ta gwamna ba ya sayar da filinsa ko wani yanki nasa sai da amincewar gwamna. Idan aka tsallake wannan, 'ya'ya ne za su gaji rikicin, kowa da tsohuwar takarda a hannu.

Kowace hanya aka bi, a rubuta yarjejeniya mai ɗauke da lambar taswira, lambobin bikon, tsawon kowane gefe, wanda zai biya me, da ranar da za a gama. Masu fili su sa hannu, shaidu biyu daga kowane ɓangare, mai unguwa ya buga hatimi, kowa ya riƙe kwafi.

Idan sulhu ya ƙi, filin da ke da takardar gwamna Babbar Kotun jiha ake kai shi. Mai ƙara ne ke da nauyin nuna iyakar abin da yake nema ba tare da shubuha ba, kuma ƙararraki da yawa a nan suke faɗuwa. Idan taswirorin ɓangarorin suka saɓa, kotu tana iya sa ofishin Babban Safiyo ya haɗa su a taswira ɗaya, alƙali kuma yana iya zuwa ya ga wurin da kansa. Kada a yi jinkiri. A fiƙihun Malikiyya akwai hukuncin hauzi: wanda yana nan, yana gani wani baƙo yana gini ko noma a filinsa har shekara goma, bai yi magana ba kuma babu abin da ya hana shi, ba a sauraron da'awarsa bayan haka.

Ranar da za a sake gina katangar

Safiyo ya dawo ya nuna wa magini layin da kansa, kada a bar shi da fegi kawai. Katangar mutum ɗaya tana zama gaba ɗaya a cikin filinsa, fuskarta ta waje a kan layi. Bulo mai inci tara kaurinsa santimita 22.5 ne kafin filasta, kuma fandisho ya fi katanga faɗi, don haka a lissafa su duka kafin a haƙa. Idan katangar haɗin gwiwa ce, tsakiyarta ke hawa layi, kuma a rubuta hakan a yarjejeniya. Indararo da bakin rufi su zuba a cikin gidan mai su.

Bikon kuma a bar shi a fili. Magina suna son haɗiye shi a cikin kusurwar katanga, ko su cire shi don ya tare musu hanya. A ja da ginshiƙin kusurwar baya kaɗan, ko a bar masa 'yar taga a gindin katanga yadda za a ga ƙusar da lambar. Kafin safiyo ya tafi, a sa ya auna nisan ƙusar daga abubuwa biyu ko uku da ba sa motsi, kamar kusurwar gini ko bakin kwalbati, ya rubuta a bayan kwafin kowa, domin ko tifar yashi ta taka turken wata rana a iya mayar da shi wurinsa.